"Tana da kyau?": Yadda ake amsa tambayar da ta zo da hoto kawai

Duk wanda jama'a suka san yana da ilimin wani fanni, ma'aikaciyar jinya ce, mai kemis ne ko malamin gona, wayarsa ba ta rabuwa da wani irin saƙo. Za a turo masa hoton gwangwani, ko kwalba, ko leda, a ƙarƙashinsa kuma kalmomi uku kacal: "Yana da kyau?" Ba a faɗi wanda zai yi amfani da abin ba, ba a faɗi abin da za a yi da shi ba, ba a kuma faɗi abin da ya sa shakku ya shigo ba. Sau da yawa mai tambayar yana tsaye a gaban mai kanti da kuɗi a hannu, yana jiran a ce masa e ko a'a.

Irin wannan tambaya tana da saukin yi, amma amsarta tana da haɗari, domin abu ɗaya yakan zama alheri ga wani, ya zama cuta ga wani. Babu kayan da suka fi nuna haka a fili kamar madarar gari, wadda kusan kowane gida ke saye, kuma a kanta za mu bi maganar daki-daki.

Abin da aka bari a baya

Idan mutum ya ce "tana da kyau?", akwai tambayoyi uku da ya haɗiye bai furta ba. Ta farko, ga wa? Ta biyu, don yin me? Ta uku, in an kwatanta ta da wacce? Madarar da ta dace da mai shayi mai neman abin da zai farantta kofi kan farashi mai rahusa ba ita ce ta dace da uwar da ke son ɗanta ɗan shekara uku ya yi ƙwari ba. Wadda ta dace da ɗan shekara ukun kuma tana iya kwantar da jaririn wata biyu a asibiti.

Mai tambayar bai ɓoye waɗannan bayanai da gangan ba. A wurinsa komai a bayyane yake, tunda ya san gidansa, ya san abin da ya kawo shi kanti. Mantawa kawai ya yi cewa wanda ya tura wa hoton ba ya tare da shi. Wani lokaci kuma bai ma san cewa amsar ta rataya a kan wanda zai sha ba. A ganinsa madara madara ce, bambancin kawai tsakanin ta gaske da jabu ne. Wannan na biyun shi ne ya fi bukatar kulawa, domin ba zai taɓa faɗin abin da bai san yana da muhimmanci ba sai an tambaye shi.

Masu amsawa sukan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Na farko ya kalli sunan kamfanin, ya ga sananne ne, ya ce: "Tana da kyau, saya." Ya amsa tambayar da ke cikin kansa ne, ba wadda ke cikin kan mai tambaya ba, kuma ya ɗora sunansa da ilminsa a kan hukuncin da bai san inda zai sauka ba. Na biyu ya ce: "Ya danganta," ya yi shiru, ko ya jero tambayoyi bakwai a jere. Bai yi ƙarya ba, amma mutumin da ke tsaye a kanti ba zai zauna cika takarda ba. Zai mayar da wayarsa aljihu ya tambayi mai kanti, wanda shi kuma ba a taɓa jin ya kushe hajarsa ba.

Gaban gwangwani talla ne

Kafin a ce komai, sai a duba wane ɓangare aka ɗauka a hoton. Kusan kullum gaba ne, inda ake zana saniya, ko kofi mai kumfa, ko yaro mai dariya. Wannan gefen an tsara shi ne don ya sayar da kaya. Bayanin da za a iya kafa hukunci a kansa yana baya ko gefe, cikin ƙananan haruffa, kuma abubuwa uku ne suka fi muhimmanci a wurin.

Na farko shi ne ainihin sunan abin da ke ciki, wanda ya bambanta da sunan kasuwa da aka rubuta da manyan haruffa. Farar hodar da duk muke kira madara iri huɗu ce aƙalla. Akwai wadda aka rubuta wa "full cream milk powder", wato nonon saniya ne da aka busar da maiƙonsa na asali, kuma ƙa'idar abinci ta duniya ta ce maiƙon kada ya gaza kashi 26 cikin ɗari. Akwai wadda aka rubuta wa "filled milk powder", wadda aka cire mata man shanun aka mayar da man tsirrai a gurbinsa, galibi tataccen man kwakwar manja. Ita ce ta cika kasuwannin Afirka ta Yamma saboda araharta, kuma masu karanta Faransanci a Nijar za su gane ta idan suka ga "matière grasse végétale" a jikin ledar. Akwai "creamer", wadda aka yi don farantta shayi da kofi, wadda mafi yawanta sukari ne da mai. Sai ta huɗu, madarar jarirai, wadda aka harhaɗa ta musamman, aka kuma rubuta watannin da ta dace da su a jikinta.

Na biyu shi ne jerin kayan haɗi. Ƙa'idar rubuta shi ɗaya ce: abin da ya fi yawa a nauyi shi ke zuwa farko, mafi ƙanƙanta ya zo ƙarshe. Saboda haka kalmomi biyu ko uku na farko sun isa su gaya maka abin da ka riƙe. Idan madara ce ta fara, to madara ce mafi yawa. Idan ruwan sukari na gulukos ne ya fara, mai ya biyo baya, to abin da ke hannunka kayan zaƙi ne ko da an zana garken shanu a gabansa.

Na uku shi ne jadawalin sinadarai, kuma layin da ya fi fallasa gaskiya shi ne na furotin, sinadarin da ke gina jiki. A duba shi a kan giram 100, domin da haka ne za a iya kwatanta kaya biyu. Cikakkiyar madarar gari tana ɗauke da kimanin giram 24 zuwa 26 a kowane giram 100. Mai haɗin man tsirrai wani lokaci tana kusa da haka, wani lokaci ta yi ƙasa sosai, gwargwadon abin da kamfanin ya ƙara a ciki, shi ya sa ba a yanke mata hukunci sai an ga lambar. Ta farantta shayi kuwa sau da yawa ba ta wuce giram 2 ko 3.

Lissafin yana da sauƙi. Kofi ɗaya na madara yakan ci kimanin giram 30 na gari. Idan garin yana da furotin 25 cikin 100, yaro ya sha giram 7 da rabi ke nan. Idan 2 ne cikin 100, bai kai ko giram ɗaya ba. Kofunan biyu fari ne fat a ido, na biyun ma ya fi daɗi a baki, amma ɗaya abinci ne, ɗayan ruwan zaƙi.

Akwai wurin da masu karanta jadawalin kan ruɗe, wato layin sukari. Nono yana da sukarinsa na halitta, kuma a cikakkiyar madarar gari yakan kai kusan giram 38 cikin 100 ba tare da an ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Ganin babbar lamba a wannan layi bai nuna an zuba sukari ba. Jerin kayan haɗi ne zai nuna an zuba ko ba a zuba ba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce wani magidanci ya tura wa yayarsa, ma'aikaciyar jinya, hoton ledar madara da saniya a gabanta. A ƙasan sunan kamfanin ana iya karanta "filled milk powder". Ya rubuta: "Yaya, tana da kyau?"

Amsa mai amfani tana da gaɓa uku, kuma duka suna shiga cikin saƙo ɗaya gajere. Ga yadda za ta iya rubutawa: "Wannan madara ce da aka cire mata man shanu aka sa man tsirrai. Ga shayi da kunun manya da yaran da suka tasa babu laifi. Amma kada a ba jariri ko kaɗan. Wa zai sha? Ka kuma turo min hoton bayan ledar."

A lura da yadda aka jera ta. Ta fara da faɗin abin da hoton ya nuna tabbas, don haka ko da bai sake amsawa ba, ya ƙaru da wani abu. Ta ba da hukunci ga amfanin da aka fi yi da irin wannan kaya, domin mafi yawan masu sayenta shayi za su haɗa. Sannan ta ambaci wuri ɗaya da abin ke iya cutarwa, ba ta jira sai ya ce akwai jariri ba. Wannan gaɓar ita ce ba a jinkirta ta. Sauran bayani yana iya jiran amsa, gargaɗi ba ya jira, domin ba ka da tabbacin mutumin zai dawo. Daga ƙarshe ta yi tambaya guda, wadda amsarta za ta iya juya hukuncin gaba ɗaya. Ba ta tambaye shi nawa ya saya ko a wane kanti ba, tunda waɗannan ba za su canza komai ba a wannan mataki.

Yanzu amsarsa tana iya bin hanya uku. Idan ya ce ta shayin gida ce, magana ta ƙare: ya duba wa'adi, ya tabbata ledar ba ta huje ba, ya saya. Idan ya ce yaronsa ɗan shekara uku yake son ya riƙa ba wa, sai a duba furotin a hoton baya. In ya kusa 24, za ta yi aiki. In ya yi ƙasa sosai, sai ta ce masa ya ƙara kuɗi ya sayi cikakkiya, ko ya nemi nonon shanu ya tafasa. A nan ne kuma kwatancen farashi ke shigowa. A ce gwangwani mai giram 400 naira 4,000 ne, leda mai giram 400 kuma naira 3,000. Idan furotin ɗin gwangwanin 25 ne, na ledar 12, to mai sayen ledar ya biya kashi uku cikin huɗu na kuɗin ya samu ƙasa da rabin abin da yake nema. Arahar ta zama tsada.

Hanya ta uku ita ce ya ce: "Ta jaririn ce, Yaya. Watansa uku, mamansa ta ce nonon ba ya isarsa." A nan babu sauran "ya danganta". Amsar ita ce a'a, kai tsaye, tare da dalili. Nonon saniya yana da furotin kusan ninki uku na nonon uwa, da gishirin ma'adinai masu yawa, waɗanda ƙodar ƙaramin jariri ba ta gama ƙwarin tacewa ba. Ga shi kuma yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe da jini ke bukata. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta bukaci a rubuta gargaɗi a jikin madara mai haɗin man tsirrai cewa ba ta maye gurbin madarar jarirai, kuma galibi za a ga an rubuta "not suitable for infants" a wani lungu na ledar.

Sai dai yayar ba za ta tsaya a a'a ba, domin yanzu ta gano cewa tambayar gaskiya ba a kan madara take ba. Tambayar ita ce: jaririna yana ƙoshi kuwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla har wata shida, kuma iyaye mata da yawa da ke zaton nononsu ya gaza, yana isa. Ana gane hakan ta hanyar awon nauyi a asibiti da kuma yawan fitsari: jaririn da ke ƙoshi yakan jiƙa ƙyalle sau shida ko fiye a yini da dare. Yawan tsotso shi ke ƙara ruwan nono, don haka cusa wata madara yakan rage shi. Shawarar da ta dace ita ce a kai uwa da ɗa asibiti a auna shi, a ga yadda yake kama nono. In ma'aikatan lafiya suka ga lallai sai an ƙara, to madarar jarirai ta 'yan ƙasa da wata shida za a saya, a auna da cokalin da ke cikin gwangwanin yadda aka rubuta, a haɗa da tafasasshen ruwa mai sauran zafi, a bar ta ta huce, kuma kada a tsinka ta don ta daɗe.

Hoto ɗaya, tambaya ɗaya, amsa uku mabambanta. Da yayar ta ce "tana da kyau" tun farko, da ta yi daidai a hanya ta farko, ta yi rabin daidai a ta biyu, ta jefa jariri cikin haɗari a ta uku.

Abin da ya faru a Laos

Kada a ɗauka wannan tsoro ne na takarda kawai. A shekarar 2008 wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta wallafa binciken da aka yi a ƙasar Laos, a kudu maso gabashin Asiya, kan wani gwangwanin farantta kofi mai zanen uwar dabbar beyar ta rungume ɗanta kamar mai shayarwa. A jikin gwangwanin an rubuta gargaɗin cewa ba ya maye gurbin nonon uwa. Duk da haka kusan rabin manyan da aka tambaya sun ɗauka zanen yana nufin abincin jarirai ne, mafi yawansu kuma ba su taɓa karanta gargaɗin ba. Likitocin yara a ƙasar sun ba da labarin jariran da aka kwantar da tamowa bayan an shayar da su da shi.

Irin wannan tamowa ta rashin furotin tana da yaudara, domin takan zo da kumburi. Ƙafafu da fuska su cika, har a yi zaton yaro ƙiba yake yi. Alamar da ke bambanta su ita ce idan aka danna saman ƙafar da yatsa na ɗan lokaci, gurbin yatsan zai zauna. Gashi kan yi laushi ya koɗe, fata ta riƙa saɓulewa, yaro ya daina walwala. Duk wanda ya ga haka, asibiti zai nufa a ranar.

Inda hoto ya tsaya

Mai amsa na gari yakan faɗi iyakar abin da ya gani. Hoto yana nuna abin da aka rubuta a jikin kaya, ba ya nuna abin da aka zuba a ciki. Lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna a Najeriya, tana nuna cewa an yi wa kayan rajista, rashinta kuma dalili ne na ajiye kayan. Amma masu jabu suna iya kwafar lamba, kuma ko lambar ta gaske ce, ba ta ce kayan sun dace da kowa ba. Ko gwajin masana'anta ma an taɓa yaudararsa. A China a 2008 an zuba sinadarin melamin a madara don awo ya nuna furotin mai yawa, yara kusan 300,000 suka kamu da ciwo, hukumomi suka tabbatar da mutuwar shida. Babu wanda zai iya gano wannan daga hoto.

Hoto ba ya nuna yadda aka adana kaya. Madarar da ta sha rana ko danshi takan dunƙule, ta yi rawaya, ta yi warin tsohon mai, kuma wanda ke riƙe da ita ne kaɗai zai iya ganin haka ko shinshinawa. Ranar ƙarewar wa'adi da lambar rukuni galibi a gindin gwangwani ko bakin leda ake buga su, inda ba a cika ɗauka ba, don haka sai an ce a duba. A kuma kula ko an kankare lambobin an sake buga wasu. Madarar awo kuwa, wadda ake ɗebowa daga buhu mai kilo 25 a ƙulla a farar leda, ba ta zuwa da wani rubutu. Mai son sanin irinta sai ya roƙi mai kanti ya nuna masa buhun.

Saboda haka ya kyautu mai amsa ya rufe da magana irin wannan: "Bisa abin da aka rubuta, ta dace da abin da kake so. Ko ta gaske ce, ba zan iya gani daga nan ba, ka saya a wurin da ka amince da shi." Wannan ba gudun ɗaukar nauyi ba ne. Raba aiki ne: mai ilimi ya karanta rubutu, mai kaya a hannu ya duba kayan.

Ga mai tambaya da mai amsa

Tsarin nan bai tsaya a madara ba. Idan kwalbar maganin feshi aka turo, tambayar da ke juya hukunci ita ce a kan me za a fesa, gona ko hatsin da za a ci. Idan maganin tari ne, shekarun mai sha da sauran magungunan da yake sha. A kowane fanni akwai tambaya guda da ta fi sauran nauyi, kuma sanin ta shi ne alamar wanda ya san aikinsa. Mai amsa ya faɗi abin da hoton ya nuna, ya yi gargaɗi a kan wurin haɗari nan take, ya yi wannan tambaya guda, in amsa ta zo kuma ya yanke hukunci a fili ba tare da kewaye-kewaye ba. Mutum ya zo neman hukunci ne, kuma yana da haƙƙin ya samu.

Kai kuma mai turawa, ka sauƙaƙa wa wanda ka tambaya. Ɗauki gaba, ɗauki baya, ɗauki inda aka buga wa'adi, cikin haske yadda rubutun zai karantu. Sannan ka ƙara layi ɗaya: wa zai yi amfani da abin, shekarunsa nawa, me za a yi da shi, me ya sa ka shakku. "Yaya, ga madarar nan, ta yaro ɗan shekara uku ce, za a riƙa zuba masa a kunu, na ga ta fi sauran araha." Rubuta wannan ba zai ɗauke ka minti ɗaya ba. Idan kuwa akwai jariri ɗan ƙasa da wata shida a cikin maganar, ka faɗe shi tun a saƙon farko, kuma kada ka ba shi komai sai ma'aikacin lafiya ya gan shi.